Abin Da Za Ka Faɗa Wa Kanka Da Safe Bayan An Sallame Ka Daga Aiki

Duk wanda ya taɓa rasa aiki zai gaya maka cewa safiya ta fi kowane lokaci nauyi. An idar da sallar asuba, gari ya fara haske, maƙwabta suna tayar da baburansu, yara suna neman kuɗin tara, shi kuwa maigida yana zaune a bakin gado ba shi da inda ake jiransa. Jikinsa ya saba tashi a kan lokaci, ya tashe shi kamar kullum, sai dai babu abin da zai yi da lokacin. A wannan ɗan tsakanin ne zuciya take fara magana, kuma ba ta cika faɗin alheri ba: ka tsufa da neman aiki, wa zai ɗauke ka, me za ka ce wa surukanka.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A farkon shekarun 1930 masaƙar da ta riƙe wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya ta rufe, mafi yawan magidanta suka wayi gari ba aiki. Marie Jahoda da abokan bincikenta suka shiga cikin mutanen, suka fitar da littafinsu a 1933. Abin da suka gani ya wuce talauci. Mazan sun rage saurin tafiya a kan titi, suna tsayawa ba dalili, sun rage aron littafi a ɗakin karatu alhali ga lokaci a hannunsu, kuma idan aka tambaye su yadda suka yi da yininsu ba sa iya bayani. Matan, da yake girki da wanki da rainon yara ba su tsaya ba, yininsu bai wargaje haka ba. Daga baya Jahoda ta bayyana cewa aiki yana ba mutum abubuwan da ba a rubuta su a takardar albashi: tsarin lokaci, cuɗanya da mutane, matsayi a idon jama'a, da jin cewa ana bukatarsa. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna bayan masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta bi baya a 2007, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To a cikin wannan halin ne ake ba mutum shawarar ya riƙa faɗa wa kansa maganganun ƙarfafa gwiwa kowace safiya. Shawarar ba sabuwa ba ce. Wani tsohon mai haɗa magunguna da ke zaune a birnin Nancy na Faransa, Émile Coué, ya shahara a shekarun 1920 da koya wa mutane su maimaita jimla guda sau ashirin safe da dare, mai nufin kullum suna ƙara samun sauƙi ta kowace fuska, har yakan sa su ƙulla igiya ƙulli ashirin don kada lissafi ya ɓace. Jikokin wannan jimla ne suke yawo a wayoyinmu yau, an ƙawata su da hoton fitowar rana: ni zakara ne, dukiya tana nemana, babu mai iya tare ni.

Irin waɗannan kalamai kirari ne, kuma mun san kirari. Ɗan dambe yakan yi shi a fage, hannu a naɗe, kalangu yana tashi, jama'a suna amsawa, kuma nan da minti kaɗan zai tabbatar da abin da ya faɗa ko ya sha ƙasa. Mutumin da aka miƙa wa takardar sallama makon jiya ba a fage yake ba. Shi kaɗai ne a ɗaki, mai sauraronsa ɗaya ne, wato zuciyarsa, ita kuwa ta san komai, har da saƙon bankin da ya daina shigowa.

An ma gwada abin. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada, tare da abokan aikinta biyu, ta sa ɗalibai su riƙa cewa a ransu su mutane ne abin ƙauna duk lokacin da suka ji ƙararrawa, ita kuwa tana kaɗawa kowace daƙiƙa 15 har tsawon minti huɗu. Waɗanda dama suna ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi kaɗan. Waɗanda ba sa ganin kansu a bakin komai, wato ainihin waɗanda ake yin abin dominsu, sai suka fito ransu ya fi ɓaci a kan takwarorinsu da ba su faɗi komai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ka faɗa wa kanka abin da ya yi nisa da yadda kake ji, zuciya takan tashi da gardama, ta jero maka hujjojin da ke nuna ƙarya kake yi, ka gama kana riƙe da hujjojin, jimlar kuwa ta bi iska. Wani ɓangare na binciken ya fi ba ni sha'awa: masu raunin gwiwar da aka ba su damar tunanin inda maganar take gaskiya da inda ba gaskiya ba ce sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka tilasta wa kallon gefen alherin kawai.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya shafi mai neman aiki kai tsaye. Gabriele Oettingen da Doris Mayer sun bi diddigin ɗaliban da ke gab da gama jami'a a Jamus, suka wallafa sakamakon a 2002. Waɗanda suka fi yawan mafarkin ido biyu na samun aiki mai daɗi, bayan shekara biyu an tarar sun fi ƙarancin aika takardun nema, sun samu tayi kaɗan, albashinsu ma bai kai na sauran ba. Waɗanda kuwa suke sa ran nasara bisa la'akari da abin da suka taɓa yi a baya sun fi cin gaba. Mafarki yana ɗanɗana wa mutum daɗin isowa tun bai tashi ba, sai ƙafa ta yi sanyi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, maganar safe tana da amfani da sharaɗi guda: ta zama wadda zuciyarka ba za ta iya ƙaryatawa ba. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki.

A ce mutum ne mai shekara arba'in da ɗaya, ya yi shekara tara yana kula da sito a wata masana'antar roba a Sharada, Kano. Kuɗin man dizal da na kayan aiki suka yi wa kamfanin yawa, aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a cikin jerin. Yana da mata da 'ya'ya huɗu. Ƙaninsa ya turo masa jimloli a waya, ya ce Yaya ka riƙa karanta waɗannan da safe. Ta farko tana cewa shi gwarzo ne kuma kamfanoni za su yi rububinsa a wannan watan. Yana karantawa zuciyarsa ta ce: gwarzon da aka kora? Kamfanonin da su ma rage mutane suke yi? Da ya ci gaba a haka, ranar da wata ya ƙare ba aiki, ya ƙara wa kansa shaida ɗaya cewa maganarsa ba abin kamawa ba ce.

Aikin gyaran ba da safe yake farawa ba, da yamma ne, da takarda da biro. Ya zauna ya rubuta abubuwa goma da ya taɓa yi a wurin aikin, kowanne da lamba ko lokaci ko mutumin da ya shaida. Ba a rubuta "ina da ƙwazo" ko "ni mai gaskiya ne", domin waɗannan yabo ne, kuma yabo ana musanta shi. Abin da ake nema irin wannan ne: kowane ƙarshen wata ana ƙirga kaya, ba a taɓa samun giɓin da aka ɗora masa ba; ya taɓa gano cewa adadin da ke takardar wata mota bai yi daidai da abin da aka loda ba, ya hana ta fita; ya koya wa yara uku aikin sito, ɗayansu yanzu yana riƙe da nasa; shi ya mayar da lissafin kaya daga babban littafi zuwa Excel. Da farko zai ga kamar ba zai iya kaiwa goma ba, domin wanda aka sallama yakan manta duk abin kirkin da ya yi, ranar sallamar kaɗai yake tunawa. Idan ya tsaya a huɗu, ya kira tsohon abokin aikinsa ya tambaye shi, ko ya tambayi maiɗakinsa, ita da ta sha jin labarin sito kowane dare tsawon shekara tara.

Daga wannan takarda zai fitar da jimla huɗu, ba fiye ba.

Ta farko tana faɗin halin da ake ciki ba tare da kwaskwarima ba: "An rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka rage. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi." Wani zai ce wannan wace irin ƙarfafa gwiwa ce? Ita ce mabuɗin sauran. Da zarar ka riga zuciya faɗin abin da take shirin jefo maka, ka ƙwace mata makami, kuma jimlolin da za su biyo baya za su shiga a matsayin maganar mai gaskiya. A lura kuma da yadda aka gina ta. An ce "an rage ma'aikata", abin da ya faru ke nan. Ba a ce "na zama ba kowa ba", wanda hukunci ne da babu wanda ya yanke.

Ta biyu ita ce shaida: "Shekara tara makullin sito yana hannuna, ba a taɓa neman kwali ɗaya aka rasa ba. Wannan amanar ban bar ta a kamfani ba." Babu inda zuciya za ta kama ta yi musu a nan, domin ta san an yi haka. Albert Bandura, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda mutum ke yarda zai iya abu, ya nuna tun 1977 cewa babu abin da ke gina wannan yardar kamar abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yiwu. Lallashi da baki yana can ƙasa a jerin. Jimlar shaida tana aro ƙarfinta ne daga aikin da aka riga aka yi.

Ta uku ba ta shafi aiki ba sam. Tana tuna wa mutum inda yake da daraja wanda takardar sallama ba ta taɓa ba: "Ni nake duba karatun yaran nan bayan magariba, ni nake kai Inna asibiti, kuma jiya ma na yi." Wannan ya yi daidai da abin da Claude Steele ya bayyana a 1988, cewa idan aka girgiza mutum ta fuska ɗaya, tuna wani abin da yake da muhimmanci a gare shi ta wata fuskar yana sa ya iya kallon matsalar ba tare da ya ruɗe ko ya shiga kare kai ba. A gwaje-gwajen da aka yi bayan haka, ba a sa mutane su yabi kansu. Ana sa su rubuta abin da suka ɗauka da girma ne, iyali ko addini ko abota, da dalilin da ya sa. A wajenmu wannan jimlar tana da nauyi na musamman, domin magidanci yakan auna kansa da cefane, ranar da ya kasa sai ya ga kamar ya daina zama uba gaba ɗaya. Bai daina ba, ɗaya daga cikin ayyukan uba ne ya yi masa wuya a yanzu.

Ta huɗu ita ce aikin yau, da lokacinsa da wurinsa: "Idan na kai yara makaranta, zan wuce kasuwar Singa in ga dilan nan da yake sayen kaya a wurinmu, in gaya masa ina neman aikin sito. Idan ya ce babu gurbi, zan roƙe shi sunan mutum ɗaya da zan je wurinsa." Peter Gollwitzer ya tattara bincike a 1999 da ke nuna cewa niyyar da aka ɗaure da "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake, irin su "zan dage da nema". Rabin jimlar na biyu ma da dalilinsa. Shirin horar da marasa aiki da masana Jami'ar Michigan suka gwada a shekarun 1980 yana sa mahalarta su hango ƙin da za a yi musu tun kafin su fita, su tanadi abin da za su yi bayansa, don kada "babu" ta farko ta mayar da su gida su kwanta. Kuma a kula, jimlar ba ta ce zai samu aikin ba. Zuwa Singa yana hannunsa, amsar Alhaji ba ta hannunsa.

A nan ne nake ganin wannan hanya ta fi dacewa da mu a kan jimlolin da ake kwasowa daga waje. Da yawansu suna sa mutum ya ce shi ne mai juya ƙaddararsa, ko kuma duniya za ta miƙo masa duk abin da ya ambata. Musulmi ko Kirista mai tsoron Allah yana faɗin haka zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro, kuma da gaskiyarsa. Arziki na Allah ne, fita nema kuwa aikin bawa ne. Jimlolin nan huɗu ba sa maye gurbin azkar ko addu'ar safe, ba kuma sa gogayya da su. Ka gama ibadarka, sannan ka ɗauki minti biyu ka karanta su.

Yaya mutum zai gane jimlarsa ta yi girma da yawa? Hanya mafi sauƙi ita ce ka faɗe ta a fili, ka yi shiru kaɗan, ka saurari abin da zai biyo baya. Idan ka ji "ƙarya kake", ko ka ji dariya tana neman kuɓuce maka, to a rage mata tsawo. "Zan burge su a ganawar gobe" ta koma "na san aikin sito, kuma zan iya bayanin yadda nake ƙirga kaya ko da muryata tana rawa". Sai gwaji na biyu, wanda kunyarmu ta sa yake aiki sosai: za ka iya faɗin jimlar a gaban tsohon abokin aikinka ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Idan zai ce "ƙwarai, haka aka yi", ta tsaya. Idan zai kawar da kai yana murmushi, cika baki ce. Kalmomi irin su "kullum", "kowa", "dole" da "wannan watan" su ne suka fi kumbura jimla, a fara cire su.

Wasu sukan ji nauyin cewa "ni, ni" ko da su kaɗai ne a ɗaki. Waɗannan su gwada kiran sunansu, su yi magana kamar yayansu ne yake yi musu: Wane, ka riƙe sito shekara tara, tashi ka je. Ethan Kross da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa mutanen da aka ba minti biyar su shirya jawabi, waɗanda suka yi wa kansu magana da sunansu sun fi natsuwa kuma sun fi yin abin kirki a kan masu cewa "ni". Mun fi iya yi wa wani adalci a kan kanmu, wannan dabarar kuwa tana aro wannan adalcin ne.

To idan laifin mutum ne ya sa aka sallame shi fa, makara ce ko sakaci ko faɗa da shugaba? Jimlar farko dole ta ɗauki wannan, in ba haka ba sauran duk sun rushe: "Yawan makarata ya sa aka sallame ni. Wannan makon na fita gida ƙarfe bakwai kwana huɗu cikin biyar." Laifin yana ciki, gyaran yana ciki da lambarsa, kuma ba a zagi kowa ba.

Abin yakan lalace ta hanyoyin da ake iya gani. Wani jimlolinsa za su yi ta ƙaruwa har su cika shafi, karatun ya kai rabin awa, amma kwana uku a jere bai je inda ya ce zai je ba. Wannan ya mayar da magana madadin fita, maganinsa ya ajiye komai ya riƙe jimla ta huɗu kaɗai, ya kuma ƙanƙanta ta, ko da kiran waya ɗaya ne. Wani kuma jimlolinsa za su juye su zama martani ga tsohon manaja, za su gani, sai sun yi da-na-sani. Wannan har yanzu yana kwana a ofishin da ya kore shi. Sannan kowace jimla tana tsufa. Bayan mako biyu ko uku baki zai riƙa faɗinta kunne ba ya ji. Shi ya sa yake da kyau kowane dare a rubuta layi ɗaya na abin da aka yi a yinin, kowace Juma'a kuma a duba layukan a sabunta jimlar shaida. A makon farko shaidar mai sitonmu duk ta tsohon aiki ce. A mako na huɗu tana iya zama "na je wurin mutum shida, biyu sun karɓi takarduna, ɗaya ya ba ni ƙirgar kaya ta kwana biyu". Wannan ta fi ta farko ƙarfi, domin mutumin yau ne ya yi ta.

Jimloli ba sa biyan kuɗin haya, ba sa karɓo haƙƙin sallama da ya maƙale, kuma ba sa buɗe masana'antar da ta rufe. Abin da suke yi ɗan kaɗan ne: su fitar da mutum daga bakin gado zuwa bakin ƙofa. Akwai kuma inda ba sa isa ko da hakan. Idan mako biyu ko fiye suka wuce mutum ba ya barci ko ba ya iya tashi, abinci ya fita ransa, ya daina jin daɗin duk abin da ya saba so, ya ƙaurace wa masallaci da majalisa, wannan ya fi kama da ciwon damuwa, kuma likita ake kai wa shi. Akwai asibitin Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu ko iyalinsa za su fi hutawa ba shi, ba a jira mako biyun, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Ku kuma 'yan uwa da matan gida, idan naku ya rasa aiki, ku rage turo masa hotunan "kai zakara ne". Ku tuna masa abu ɗaya da kuka gani ya yi da idonku, da ranar da ya yi shi, ku bar shi ya rubuta a takardarsa.